Yadda Ake Rubuta Sanarwar Rangwame Da Ba Za Ta Jawo Gardama Ba

Mafi yawan rigimar da ke biyo bayan rangwame a kasuwancin waya tana farowa ne daga layi uku ko huɗu da aka rubuta a ƙarƙashin hoton kaya. Mai kaya ya rubuta, "Garaɓasa! Ragi har kashi 50, yau da gobe kawai, a hanzarta," ya ajiye waya yana ganin ya gama bayani. Shi ya san kayan da yake nufi, ya san ranar da ya rubuta, ya kuma san cewa kuɗin kai kaya daban ne. Wanda ya karanta bai san ko ɗaya daga cikin ukun ba. Wataƙila ma ba daga wurin mai kayan ya ga hoton ba, wata ƙawa ce ta turo masa bayan kwana uku. Duk abin da ba a rubuta ba, mai saye zai cike shi da abin da ya fi masa daɗi, kuma ba laifinsa ba ne.

Saboda haka aikin sanarwar rangwame shi ne ta amsa tambaya huɗu tun kafin a yi su: wane kaya, nawa, zuwa yaushe, bisa wane sharaɗi. Za mu bi aikin daga farko har ƙarshe da misali guda. Mu ɗauka wata mai sayar da atamfa ce a Unguwar Rimi da ke cikin garin Kaduna, tana saro kaya tana tallata su a WhatsApp da Instagram. Tana da turmi 40 da suka kwana biyu a hannunta, yayin zanen ya fara wucewa, tana so ta fitar da su ta dawo da jarinta. Ta sari kowane turmi a kan naira 13,500, tana sayarwa naira 18,000. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu.

Mataki na farko: a yi lissafi kafin a taɓa waya

Sanarwa ba ta fita da gaskiya idan mai ita bai riga ya yanke shawara ba. Yawancin sharuɗɗan da ake ɓullo da su a tsakiyar ciniki, irin su "ai wannan kalar ba ta ciki" ko "ai sai kin ɗauki biyu," suna fitowa ne saboda mai kaya ya yi alkawarin da bai lissafa ba, sai da oda ta fara shigowa ya ga zai faɗi, ya soma neman mafita.

Mai atamfarmu ta yanke cewa za ta sayar a kan naira 15,000. Ribarta a kowane turmi ta koma naira 1,500. Wannan lamba ita ce ke gaya mata abin da za ta iya alkawarta da wanda ba za ta iya ba. Idan ta rubuta "kai kaya kyauta," kuma mai babur ɗin da ke kai mata kaya yana karɓar naira 1,500 zuwa Kawo, ribar turmi guda ta tafi gaba ɗaya, idan kuwa Sabon Tasha ne to daga aljihunta za ta cika. Idan ta ce "sayi biyu a ba ka ɗaya kyauta" a tsohon farashi, turmi uku sun tafi a kan naira 36,000, wato kowanne naira 12,000, ƙasa da yadda ta saro da naira 1,500. Irin wannan tayin yana da daɗin ji, amma ragin kashi ɗaya bisa uku ne, kuma 'yan kasuwa da yawa ba sa lura sai sun zauna yin lissafin ƙarshen mako.

A wannan zaman ne kuma za ta ƙirga kayan da hannunta, ta ware masu aibi. A cikin turmi 40 ɗin, mu ce uku rana ta ɗan ci gefensu saboda su ne take ratayewa. Waɗannan ba za su shiga farashi ɗaya da sauran ba. Za mu dawo kansu.

Mataki na biyu: farashi biyu, a naira, gefe da gefe

A rubuta tsohon farashi da sabo a layi ɗaya: "Da naira 18,000, yanzu naira 15,000 turmi." Mai karatu ya ga ragin da idonsa ba tare da ya yi lissafi ba. A faɗi ma'aunin: turmi ne mai yadi shida, ko rabin turmi, ko yadi ɗaya. Masu shadda da leshi su fi kowa kula da wannan, domin an saba ganin hoton cikakken kaya a sama, farashin yadi guda a ƙasa, mai saye ya zo da kuɗin yadi ɗaya yana tsammanin yadi biyar.

Idan ana son ambaton kashi cikin ɗari, akwai kuskuren da ake yawan yi ba da niyya ba. Ragin naira 3,000 ana raba shi ne da tsohon farashi: 3,000 cikin 18,000 bai kai kashi 17 cikin 100 ba. Wanda ya raba da sabon farashi, 3,000 cikin 15,000, zai samu kashi 20, ya rubuta haka da zuciya ɗaya. Sai wata mai saye ta danna lissafi a wayarta, ta ga kashi 20 na naira 18,000 naira 3,600 ne, ta turo naira 14,400, kuma bisa abin da aka rubuta ita ce da gaskiya. A ra'ayinmu, ƙaramin ɗan kasuwa ya bar maganar kashi gaba ɗaya, ya rubuta naira. "An rage naira 3,000" ba ya buƙatar fassara.

Tsohon farashin kuma ya zama wanda ake sayarwa da gaske. Ɗaga shi zuwa naira 22,000 a rubuce domin ragin ya yi girma yaudara ce, kuma a gari irin Kaduna ba ta daɗewa. Kwastomar da ta saya naira 18,000 watan jiya tana kallon sitatus ɗin, kuma duk mai shakka zai iya shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya tambayi farashin irin zanen a shago biyu ko uku. Haka nan "ragi har kashi 50" alhali abu ɗaya tak ne aka raba kuɗinsa biyu. Idan kayan suna da farashi daban-daban, a jera kowanne da nasa, ko a yi wa kowane rukuni hotonsa da rubutunsa.

Mataki na uku: wa'adi

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin nan ne gardama ta fi yawa. Wa'adi cikakke yana da abu uku: sunan rana, kwanan wata, da ƙarfe nawa. "Asabar, 29 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na yamma." Sunan rana shi mutane ke riƙewa a ka, kwanan wata shi ke hana a ɗauka Asabar ta gaba ce, lokaci kuma shi ke raba gardamar wanda ya turo kuɗi da daddare. Kafin a wallafa a duba kalanda a tabbatar ranar da kwanan watan sun dace. Idan aka rubuta "Juma'a 29" alhali 29 Asabar ce, an ba mutane wa'adi biyu ke nan, kowa zai riƙe wanda ya yi masa.

Akwai kalmomin da muke amfani da su kullum a baki waɗanda ba sa tsayawa a rubuce. "Yau," "gobe," "jibi," "wannan makon" duk suna dogara ne da ranar da aka karanta su. Sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma hoton da wani ya ɗauka daga fuskar wayarsa ya tura zauren 'yan uwa ba ya ɓacewa, kuma a cikinsa "gobe" tana nan sabuwa kullum. Abin da aka sa a Instagram ko Facebook kuwa yana iya bayyana a gaban mutum kwanaki bayan an sa shi.

"Zuwa Asabar" ita ma tana da fuska biyu. Wani zai fahimci cewa Asabar tana ciki, wani ya fahimci cewa da shigarta an rufe. Ƙara lokaci yana warware wannan.

Sai "daren Juma'a." A lissafin da Musulmi suka saba da shi dare yana gaba da yini, don haka ga mutane da yawa daren Juma'a shi ne daren da ke shiga bayan faɗuwar ranar Alhamis. Wasu kuma, musamman matasa da ma'aikata, suna nufin Juma'a da daddare. Tsakanin fahimtar biyu akwai kwana guda cur. Idan da dare za a rufe, a rubuta "ranar Juma'a, ƙarfe 9 na dare," tare da kwanan wata. "Ƙarfe 12 na dare" kuma a guje shi, domin yana kan iyakar kwana biyu, kuma a wannan lokacin mai kaya yana barci, ba zai iya tabbatar wa kowa komai ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne wanda mai kaya yake farke, wayarsa a hannu, yana iya duba asusunsa. Shi ya sa ƙarfe 6 na yamma ko 8 na dare suka fi.

Rangwamen Sallah yana da tasa matsalar. "Har zuwa Sallah" ba kwanan wata ba ne, domin Ƙaramar Sallah ta dogara da ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi, azumi yana iya zama 29 ko 30. Ga kuma tambayar ko ranar Sallah tana ciki, ko har da kwanakin shagali. A zaɓi rana tsayayya ta kalandar da ke wayar kowa, kwanaki kafin jajibiri. Ga mai atamfa ma ya fi kyau ya rufe da wuri, tunda teloli suna daina karɓar ɗinki tun kafin Sallah ta matso.

Kada a manta da ranar farawa. Idan an sa sanarwar tun Litinin domin mutane su shirya, amma rangwamen Laraba zai fara, a faɗa a fili, in ba haka ba kuɗi za su fara shigowa tun ranar Litinin ɗin. Mai atamfarmu ta zaɓi Laraba 26 zuwa Asabar 29 ga Nuwamba, saboda ƙarshen wata ne, lokacin da ma'aikata ke sa ran albashi. Kwana huɗu sun isa mutane su gani su nemo kuɗi, kuma ba su yi tsawon da za a manta ba.

Mataki na huɗu: idan kaya suka ƙare kafin wa'adi, kuma wa ya riga wa

Rangwame yana da ƙofar rufewa biyu, lokaci da adadin kaya, kuma duk wadda ta riga zuwa ita ce ta rufe. Dole a rubuta duka biyun. "Kaya kaɗan ne" ba bayani ba ne, kowa yana faɗin haka. "Turmi 37 ne" bayani ne, kuma ya fi sa mutum ya hanzarta saboda ya yarda da shi. Idan zanen kala-kala ne, a sa wa kowace kala lamba a jikin hoton, 1 zuwa 6 misali, domin "mai ruwan ganyen nan" tana iya zama kala biyu a idon mutum biyu.

Daga nan sai babbar tambaya: mene ne yake sa a ce mutum ya samu? Wadda ta rubuto "Hajiya ki ajiye min biyu" ranar Alhamis, ta ɓace, ta dawo Litinin da kuɗi, tana ganin ta shiga cikin wa'adi tunda ta yi magana a cikinsa. Mai kaya kuma tana ganin ba ta shiga ba tunda ba ta biya ba. Kowacce tana da hujja, kuma layi ɗaya a cikin sanarwa zai hana wannan: "Wanda ya biya kafin lokacin rufewa shi ne ya samu. Ba a ajiye kaya sai da biya." Idan ana karɓar kafin alƙalami, a faɗi nawa ne, da ranar da za a cika, da abin da zai faru da kuɗin idan ba a cika ba. Mafi tsafta shi ne a mayar wa mutum kuɗinsa, kayan su koma tsohon farashi.

Akwai tarkon da ke kama masu gaskiya ma. Idan aka sa lambar asusu a cikin sanarwa, mutane za su riƙa tura kuɗi ba tare da sun tambaya ba, sai a wayi gari mutum biyar sun biya kala mai lamba 3 alhali turmi biyu suka rage. Maganinsa kada a sa lambar asusu a fili. A ce, "A tambaya a tabbatar akwai kafin a tura kuɗi." Wanda aka tabbatar wa sai a ba shi lambar, a gaya masa an riƙe masa na awa biyu. Idan duk da haka aka samu kuɗin da ya shigo bayan kaya sun ƙare, a mayar a ranar, cikakke, kada a matsa wa mutum ya zaɓi wata kala da bai nema ba.

Jinkirin banki ma a yi masa tanadi. Mutum yana iya turawa ƙarfe 5:50, kuɗin su makale, su shigo ƙarfe 7. Adalci shi ne a yi aiki da lokacin da ke kan rasit wajen ba shi farashin rangwame, amma kaya ba sa barin hannu sai an buɗe asusu an ga kuɗin sun zauna, saboda rasit na bogi yana yawo. Ba lallai wannan ya shiga sanarwa ba, amma mai kaya da duk yaron da ke taya shi amsa saƙo su san hukuncin tun kafin ranar.

Mataki na biyar: sharuɗɗan da ke taɓa aljihun mai saye

Ba kowane sharaɗi ne ya cancanci shiga ba. Ma'aunin shi ne: idan mai saye ya ji wannan bayan ya biya, zai ji an rufe shi? Idan zai ji, to a rubuta.

Kuɗin kai kaya shi ne na farko. "Muna kaiwa ko'ina a Kaduna" ba ta faɗi wa zai biya ba, kuma Kaduna tana da faɗi. Daga Unguwar Rimi zuwa Malali ko Badarawa tafiya ce kaɗan, amma tsallake kogi zuwa Barnawa, Kakuri ko Sabon Tasha, ko a nufi Rigasa, wani kuɗin ne. A raba gari gida biyu a sa wa kowanne farashinsa, a kuma faɗi cewa wanda ya zo ya karɓa da kansa ba ya biyan komai. Na wajen gari, kamar Zariya ko Kano, da ake ba direba a tashar Kawo, a ce kuɗin mota na mai saye ne kuma za a gaya masa kafin ya biya.

Na biyu, iyakar abin da mutum ɗaya zai ɗauka. Idan ba a sa iyaka ba, wata 'yar kasuwa za ta iya kwashe turmi 20 a safiyar farko. Ga mai son ya fitar da kaya kawai wannan alheri ne, kuma babu laifi. Amma idan manufar ita ce kwastomomi da yawa su amfana, a rubuta "turmi uku ga mutum ɗaya." Abin da bai dace ba shi ne a ƙirƙiro iyakar bayan mutum ya riga ya yi oda.

Na uku, tayi. Mun saba da ciniki, kuma wasu za su ɗauki naira 15,000 a matsayin inda za a fara. "Ba ragi a kan wannan farashin" ta wadatar. Wanda ba ya ba da bashi a rangwame shi ma ya faɗa, musamman idan ya saba ba wasu kwastomomi su biya ƙarshen wata.

Na huɗu shi ne canji da mayarwa, kuma a nan muna da matsaya. Mai kaya yana iya cewa ba ya canza wa wanda ya sauya ra'ayi a kan kala bayan ya karɓa. Amma "ba a dawo da kayan rangwame" a dunƙule, har da wanda aka buɗe aka tarar da yagewa ko aka kai kalar da ba ita aka zaɓa ba, wannan zalunci ne. Dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta hana tallan da ke ɓatar da mai saye, ta hana a karɓi kuɗin da ya wuce farashin da aka bayyana, ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya masu aibin da ba a nuna masa ba. Rangwame bai cire kowa daga wannan ba. Tun kafin doka ma, hadisi ingantacce ya zo cewa mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa musu albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar.

Wannan ya dawo da mu kan turmi ukun da rana ta ci. A yi musu hoto na daban, a matso da waya kusa da wurin da ya koɗe har a gan shi, a rubuta: "Turmi uku, rana ta ɗan ci gefe ɗaya kamar faɗin tafin hannu, ga shi a hoto. Naira 12,500. Waɗannan ba a canzawa tunda an ga aibin." Akwai masu neman irinsu, domin tela mai dabara zai iya ɓoye wurin a ɗinki, kuma wanda ya saya da saninsa ba ya dawowa da ƙorafi.

Mataki na shida: jera rubutun

Instagram yana yanke rubutu bayan layi ɗaya ko biyu, sai mutum ya danna more kafin ya ga sauran. WhatsApp da Facebook ma suna naɗe dogon rubutu. Mutane da yawa ba sa dannawa. Don haka sallama mai tsawo, da kirarin shago, da jerin furanni da taurari ba su da gurbi a sama. Kaya, farashi da wa'adi su ne layin farko da na biyu. Ga yadda ta mai atamfarmu za ta fita:

Rangwamen atamfa: da naira 18,000, yanzu naira 15,000 turmi mai yadi shida.
Daga Laraba 26 ga Nuwamba zuwa Asabar 29 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na yamma, ko kuma idan kaya sun ƙare kafin nan.
Turmi 37 ne, kaloli shida da ke cikin hoton nan kawai. Sauran kayan shago suna kan farashinsu.
A faɗi lambar kala, a tabbatar akwai kafin a tura kuɗi. Wanda ya biya shi ne ya samu, ba a ajiyewa sai da biya.
Turmi uku ga mutum ɗaya. Ba ragi a kan wannan farashin.
Kai kaya: Unguwar Rimi, Malali, Badarawa, Kawo naira 1,500. Barnawa, Kakuri, Sabon Tasha, Rigasa naira 2,500. Sauran unguwanni da wajen gari a tambaya. Zuwa karɓa kyauta ne.
Ba a canza kala bayan an karɓa. Idan an samu aibi ko an kai ba daidai ba, a sanar cikin kwana biyu, za mu canza ko mu mayar da kuɗi.

Kowane sharaɗi yana kan layinsa, ba a cusa shi cikin wani ba. A WhatsApp ana iya kaurara wa'adin ta hanyar sa shi tsakanin taurari biyu, kamar *Asabar 29 ga Nuwamba*, amma abu ɗaya ko biyu kawai za a kaurara, in ba haka ba ido ba zai san inda zai tsaya ba. Idan akwai kwastomomin da ba sa karanta Hausa sosai, wanda a Kaduna abu ne da aka saba, a yi wata sanarwar da Turanci, a kuma ɗora su gefe da gefe a tabbatar kowace lamba iri ɗaya ce. Haka ma saƙon murya: duk abin da aka faɗa a baki ya zama daidai da rubutun, kada a ɗauki zafin talla a ƙara "har kyauta za mu kai muku."

Abu biyu kuma a rubuta su a jikin hoton kansa: sabon farashi da ranar rufewa. Idan aka tura hoto daga waya zuwa waya, sau da yawa rubutun ƙasa yana zubewa a hanya, hoton kaɗai ke isa.

Kafin a wallafa, a miƙa wa wani da bai san komai game da shirin ba, ƙanwa ko maƙwabciya, ta karanta sau ɗaya. A tambaye ta: idan kina Barnawa kina son turmi biyu, nawa za ki tura, kuma zuwa yaushe? Amsar ita ce naira 32,500, kafin ƙarfe 6 na yammar Asabar. Idan ta yi jim, ko ta ba da wata amsa, rubutun ne yake da gyara.

Bayan an wallafa

Tunda sitatus yana ɓacewa, za a sake sawa kowace safiya. A kwafi rubutun farko yadda yake, kada a sake shi daga ka, domin a nan ne lambobi ke sauyawa ba a sani ba. Abin da kawai zai canza shi ne adadin da ya rage, kuma a faɗi na gaskiya: "Saura turmi 14, kala ta 2 da ta 5 sun ƙare." Rubuta "saura biyu" kullum har kwana uku mutane suna ganewa, kuma daga ranar sun daina yarda da kowace lamba daga wannan shago. Idan aka gano kuskure a sanarwar, a gyara a fili, a ce an gyara, a kuma cika wa waɗanda suka riga suka biya alkawarin da suka gani.

Idan lokaci ya cika, a rufe. A sa sanarwa gajera cewa rangwame ya ƙare, farashi ya koma naira 18,000, a kuma koma kan tsofaffin hotunan Instagram da Facebook a rubuta "AN RUFE" a layin farko. Idan kaya sun rage kuma ana son a ci gaba, kada a yi shiru a bar farashin yana tafiya. Wadda ta ranto kuɗi ta biya ranar Asabar don kada ta makara, in ta ga ana sayarwa haka har Laraba, za ta ji an yi wasa da hankalinta. A faɗi gaskiya: "Turmi tara sun rage, mun ƙara kwana biyu, zuwa Litinin 1 ga Disamba ƙarfe 6 na yamma." Sau ɗaya ake yin haka. Shagon da ke ƙara wa'adi kowane lokaci yana koya wa kwastomominsa su daina saye a cikakken farashi.

Za a samu wadda za ta zo a makare, kuma sau da yawa ta gida ce ko tsohuwar kwastoma: "Haba Hajiya, jiya-jiyan nan fa aka rufe, ki taimaka." Amsa mai kyau tana haɗa girmamawa da tsayuwa a kan magana: "Wallahi Anti ki yi haƙuri, mun rufe tun jiya ƙarfe 6 kamar yadda muka rubuta, kuma akwai waɗanda muka riga muka mayar. In Allah ya kai mu na gaba, zan turo miki tun kafin a fara." Idan mai kaya ta ga dama ta yi mata ragi saboda zumunci, haƙƙinta ne, amma ta kira shi da sunansa, ta ce alheri ne tsakaninsu, kada ta ce rangwamen yana nan. In ba haka ba labari zai kai ga wadda aka mayar da safe, ita ma ta dawo da hoton sanarwar a hannu tana tambayar dalilin da ya sa aka bambanta su.